Ku Ba Ni Alƙaluman, Hotonsu Bai Wadatar Ba

Akwai wani irin saƙon imel da ke shiga ofisoshin mujallun bincike, wanda sau da yawa bai wuce layi takwas ko goma ba. Mai turo shi ɗalibi ne ko ɗaliba da ke digiri na biyu ko na uku. Abin da ke cikinsa shi ne: a maƙala kaza da kuka buga, jadawali na uku hoto ne kawai, ina roƙon a taimaka min da alƙaluman da aka gina shi da su. Wanda bai san harkar ba zai ce wannan son jiki ne. Ai ga lambobin nan ɓaro-ɓaro a shafi, me ya hana ɗalibin ya zauna ya kwafe su da hannu? Amsar tana da ɗan tsawo, kuma ta shafi duk wanda ya taɓa jin an ce “bincike ya nuna” ya gaskata.

Jadawalin da ke cikin fayil ɗin PDF yana iya zama ɗaya daga cikin abubuwa biyu da ido ba ya bambance su. Yana iya zama rubutu, wato kwamfuta ta san cewa a wannan gurbin akwai lamba ɗaya, ɗigo, uku, ɗaya. Yana kuma iya zama hoto, wato tarin ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe da farare waɗanda idon mutum ne kawai ke haɗa su su zama lamba. Gwajin ba shi da wuya: ka ja linzamin kwamfuta a kan lambobin. Idan suna zaɓuwa ɗaya bayan ɗaya, rubutu ne. Idan jadawalin gaba ɗaya ya ɗauki launi a dunƙule, ko kuma ya ƙi motsi, hoto ne. Haka nan idan ka danna `Ctrl+F` ka nemi wata lamba da kake kallo da idonka, kwamfuta ta ce babu ita, to ka san inda aka kwana.

Jadawali kan zama hoto ta hanyoyi sanannu. Wani marubucin yakan ɗauki hoton fuskar kwamfutarsa daga manhajar lissafi irin su SPSS ko Excel ya manna a rubutunsa, don yana tsoron layukan su wargaje. Manyan kamfanonin ɗab'i suna gargaɗi a kan haka a ƙa'idojinsu, suna cewa a kawo jadawali a matsayin rubutun da za a iya gyarawa, amma ƙananan mujallu da ba su da isassun ma'aikata sukan buga abin da aka kawo musu yadda ya zo. Wani lokacin kuma masu tsara shafi ne ke mayar da jadawali mai faɗi ko mai sarƙaƙiya hoto don ya shiga shafi. Sai tsofaffin fitowa, waɗanda babu abin da ya rage daga gare su sai takarda, aka sa su a na'urar sikan aka ɗora a intanet. Duk ɗalibin da ya yi bincike a mujallun jami'o'inmu na shekarun baya ya haɗu da wannan nau'in: shafi a karkace, tawada ta ɗan zuba, ga inuwar tsakiyar littafi ta cinye ginshiƙi na ƙarshe.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman da zan kawo na kwatance ne kawai, na tsara su don a ga yadda abin ke tafiya. A ce wata ɗaliba a tsangayar noma tana tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama da aka yi kan tasirin taki a amfanin wake, tana so ta haɗa su a lissafi ɗaya don ta ga gaskiyar yawan ƙarin da takin ke kawowa. A ɗaya daga cikin maƙalun, jadawali na uku hoto ne. Yana nuna amfanin gona da tan a kowace hekta a matakai huɗu na taki: 1.31 inda ba a sa komai ba, sai 1.52, sai 1.69, sai 1.84 a mataki mafi girma. A ƙasa an rubuta matsakaicinsu, 1.59. Kowace lamba tana da ƙaramin harafi a samanta, a ko b ko c, sannan da alamar ± da wata ƙaramar lamba a gefe.

Ta sa hoton a manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, wadda ake kira OCR. Manhajar ta karanta 1.31 a matsayin 1.81, domin uku da takwas a hoto maras kyau kusan abu ɗaya ne, gefen hagu kawai ya bambanta su. Duba abin da wannan lamba ɗaya ta yi. A gaskiya bambancin da ke tsakanin gonar da ba taki da wadda ta fi samun taki shi ne 0.53, wato ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari. Da lambar da manhajar ta bayar, bambancin ya koma 0.03, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Binciken da ya ce taki na aiki ya rikiɗe ya zama binciken da ya ce taki ɓarnar kuɗi ne, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa a kwamfuta, tunda 1.81 lamba ce mai kama da gaskiya. Ƙananan haruffan nan na sama ma suna da nasu sharrin, domin manhajar kan ɗauki a ta mayar da ita sifili ko takwas ta liƙa a wutsiyar lambar, sai 1.84 ta zama 1.848. Alamar ragi a gaban lamba kan ɓace, ɗigo kan koma waƙafi ko ya ɓace shi ma, sai 1.52 ta zama 152. Wannan na ƙarshen ya fi sauƙin kamawa, don babu gonar da ke ba da tan 152 na wake a hekta ɗaya. Kuskuren da ya yi kama da gaskiya shi ne abin tsoro.

Dalilin yana cikin girman hoton. Ana yawan buga jadawali da ƙananan haruffa, kamar masu girman maki takwas. Idan hoton na fuskar kwamfuta ne, mai ɗige-ɗige 96 a kowane inci, tsayin lamba ɗaya bai wuce ɗige bakwai ko takwas ba, ɗigon da ke raba lamba kuwa ɗaya ne ko biyu kacal. Matse hoton kaɗan don ya yi sauƙin turawa ya isa ya shafe shi. Masu manhajojin karanta hoto suna ba da shawarar ɗige-ɗige 300 a inci, inda lambar ke samun tsayin da ya haura ɗige ashirin. Mai ɗan sanin kwamfuta yana iya duba wannan da kansa:

```
pdfimages -list makala.pdf
```

Wannan umarnin zai jero duk hotunan da ke cikin fayil ɗin, tare da yawan ɗige-ɗigen kowanne a inci. Akwai kuma wani tarko. Wasu tsofaffin shafuka da aka yi wa sikan suna da rubutun da OCR ta karanta a ɓoye a bayan hoton. Za ka ja linzami ka ga lambobi suna zaɓuwa, ka ɗauka rubutu ne na asali, alhali abin da ka kwafa karatun na'ura ne da babu wanda ya taɓa dubawa.

Har shi kansa hoton yana iya yin ƙarya tun kafin kowa ya karanta shi. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu na'urorin sikan na kamfanin Xerox suna sauya lambobi a takardun da aka sa musu. Ya fara lura da abin ne a zanen wani gini, inda girman ɗakunan da ya fito a sikan ya saɓa da wanda ke takardar asali, kuma a wani jadawalin kuɗi shida ta koma takwas. Musabbabin shi ne wata hanyar matse hoto mai suna JBIG2, wadda idan ta ga siffofi biyu masu kama da juna sai ta ajiye ɗaya ta riƙa maimaita ta a gurbin ɗayar. Lambar da aka sauya takan fito tsaf, babu dishi-dishi, babu alamar an taɓa ta. Kamfanin ya amince da matsalar ya fitar da gyara, amma takardun da aka riga aka yi wa sikan suna nan yadda suke.

Ɗalibarmu tana da dabarun kama irin wannan kuskure ko babu taimakon kowa, matuƙar jadawalin ya ba ta abin gwadawa. Ta haɗa lambobi huɗun da manhajar ta bayar ta raba da huɗu, sai ta samu 1.72, alhali jadawalin ya ce 1.59. Tazarar ta nuna mata akwai lamba ɗaya da ta kauce. Ta kuma lura cewa sauran lambobin suna hawa ne a jere yayin da taki ke ƙaruwa, ta farkon ce kaɗai ta fita daga sahu. Ta koma cikin bayanin maƙalar, inda marubuta kan maimaita muhimman lambobi da kalmomi, ta tarar an ce ƙarin ya kai kashi 40 cikin ɗari. Da waɗannan ta gyara 1.81 ta koma 1.31, hankalinta a kwance.

To tunda ta gyara, me za ta nema kuma a wurin mujalla? A nan ne ainihin maganar take. Akwai abin da ko hoton ya fi kowane hoto kyau ba zai faɗa mata ba. Kusa da 1.84 an rubuta ± 0.12, kuma ba a faɗi ko mece ce wannan lambar ba. Tana iya zama SD, wadda ke nuna yadda sakamakon filayen gwaji ya warwatsu tsakanin fili da fili. Tana iya zama SE, wadda ke nuna yawan tabbacin da ake da shi a kan shi kansa matsakaicin. Dangantakarsu ita ce `SE = SD/√n`, inda n ke nufin yawan filayen da aka maimaita gwajin a kansu. Idan filayen huɗu ne, SE rabin SD ce. A lissafin da ke haɗa bincike da yawa, ana ba kowane bincike nauyi gwargwadon ƙanƙantar kuskurensa, kuma nauyin yana tafiya ne da ninkin lambar a kanta. Saboda haka idan 0.12 ɗin SE ce ita kuma ta ɗauke ta a matsayin SD, za ta sake raba ta da biyu ta samu 0.06, sai wannan maƙala ɗaya ta samu nauyin da ya ninka haƙƙinta sau huɗu, ta ja sakamakon duka aikin zuwa ɓangarenta. Sannan matsakaicin 1.84 bai faɗi ko filaye huɗun duk sun ba da kusan haka ba, ko kuwa uku sun yi kyau ɗaya ruwa ya ci shi. Bai faɗi ko an cire wani fili daga lissafi ba.

Don haka kalmar “bayanan asali” tana ɗauke da abubuwa uku daban-daban, kuma ɗalibai da yawa suna rasa amsa ne saboda ba su faɗi wanne suke so ba. Na farko shi ne jadawalin nan dai, amma a fayil ɗin da za a iya kwafa, kamar Word ko Excel. Na biyu shi ne lambobin jadawalin kafin a taƙaita su zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, tare da n na kowane rukuni da bayanin ko SD ce ko SE. Na uku shi ne ɗanyen bayani, wato abin da aka auna a kowane fili ɗaya bayan ɗaya. Kamar ɗan kasuwa ne: zai iya nuna maka rasidi, zai iya faɗa maka jimillar cinikin wata, amma littafin shige da ficen shago sai wanda ya yarda da shi. Na farkon yana iya kasancewa a hannun mujalla, tunda marubuci ya turo musu rubutunsa a fayil, sai dai idan tun can hoto ya manna. Na biyu da na uku kusan kullum a hannun marubutan suke. Edita ba ya ajiye da littafin gonar kowa.

Shi ya sa kafin a rubuta wa kowa ake duba wurare uku. A buɗe maƙalar a shafin mujallar na intanet, domin wani lokaci jadawalin da yake hoto a PDF rubutu ne a can, ko akasin haka. Idan maƙalar ta shafi lafiya ko ilimin halittu, a duba ta a rumbun PubMed Central. A duba ƙarin fayilolin da ake liƙa wa maƙala, galibi a ƙarƙashin kanun Supplementary material. Sannan a karanta ɗan sakin layin da ke kusa da ƙarshe mai kanun Data availability, wanda ke faɗin inda bayanan suke. Yana iya nuna rumbu irin su Zenodo, Dryad ko Figshare, inda kowa zai sauke fayil ɗin ba tare da roƙon kowa ba. Babu abin da ke zubar da girman ɗalibi a idon edita kamar ya nemi abin da ke rataye a ƙasan shafin da ya ce ya karanta.

Idan duk babu, sai wasiƙa. A ra'ayina a fara da marubucin da aka sa adireshinsa a shafin farko don tuntuɓa, a bar mujalla sai an ji shiru, ko kuma idan abin da ake so jadawalin ne kawai a fayil mai kwafuwa. Ana rubuta wasiƙar ne da harshen mujallar, amma ga yadda ta ɗalibarmu za ta kasance da Hausa:

“Zuwa ga Edita, bayan gaisuwa. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a sashen kimiyyar amfanin gona, ina aiki a ƙarƙashin malamina wanda na sa adireshinsa a wannan saƙon. Ina haɗa sakamakon gwaje-gwajen taki a kan wake, kuma ina so in sa maƙalar da kuka buga, wadda na liƙa lambarta ta DOI a ƙasa. Jadawali na uku hoto ne a PDF da kuma a shafinku. Ina roƙon abubuwa biyu: jadawalin a fayil ɗin Excel ko Word, da kuma tabbacin ko lambobin da ke bayan alamar ± SD ne ko SE, da yawan filayen kowane rukuni. Na rubuta wa marubucin mako uku da suka wuce, saƙon ya dawo, da alama adireshin ya daina aiki. Idan fayil ɗin ba ya hannunku, ina roƙon ku isar masa da buƙatata. Zan ambaci maƙalar a aikina yadda ya dace. Na gode.”

Kowace jimla a ciki tana da aikinta. Lambar DOI tana hana ma'aikacin ofis neman maƙalar da hannu. Ambaton malami da amfani da adireshin imel na jami'a suna nuna cewa akwai wanda ya tsaya wa mai roƙon. Faɗin dalili yana kwantar da hankalin marubuci, domin abu na farko da ke faɗo wa mai bincike a rai idan baƙo ya nemi alƙalumansa shi ne ko ana neman kama shi da laifi, ko ana so a riga shi buga abin da ya rage. Buƙatar kuma ƙarama ce, wadda mutum zai iya biya cikin minti goma. Wanda ya rubuta “ku turo min duk bayanan binciken” ya ɗora wa mutum aikin yini biyu na tono tsofaffin fayiloli, kuma irin wannan saƙon ake ajiyewa “sai an samu lokaci”. Mu da muka saba da doguwar gaisuwa, ta gida da aiki da gajiya, sai mu yi haƙuri a nan. Layi ɗaya ya isa, domin mai karanta saƙon yana da tarin wasu suna jiransa. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne babu zargi a ciki. Ko da ɗalibar tana zaton akwai kuskure a jadawalin, wasiƙar farko ba wurin faɗin haka ba ce.

Kada kuma a sa rai da yawa. A 2006 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holand sun ba da rahoton cewa sun nemi bayanan maƙalu 141 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam na Amurka, kuma kashi 73 cikin ɗari na marubutan ba su bayar ba. A 2022 wani bincike da Mirko Gabelica ya jagoranta ya bi maƙalu 1,792 waɗanda marubutansu suka rubuta da hannunsu cewa za su ba da bayanai ga wanda ya nema. Kashi 93 cikin ɗari sun yi shiru ko sun ƙi, kusan kashi 7 ne suka turo. Ba duka rowa ba ce. Timothy Vines da abokan aikinsa sun bi maƙalu 516 na ilimin halittu a wani bincike da ya fito a 2014, suka ga cewa yiwuwar a samu bayanan suna nan tana raguwa da kusan kashi 17 cikin ɗari a kowace shekarar da maƙala ta ƙara tsufa. Adireshin imel kan mutu, mutum kan bar jami'a, fayil kan maƙale a tsohon faifan da babu na'urar karanta shi. Ɗalibin da ke jiran amsa daga maƙalar 1998 ya fi kyau ya fara shirin kwafa da hannu tun ranar da ya tura saƙon.

Wasu mujallun sun ɗauki mataki. Mujallun PLOS tun Maris na 2014 suke wajabta wa marubuta su samar da bayanan da sakamakonsu ya dogara a kai. Inda mujalla ke da irin wannan ƙa'ida, a nan ne rubuta wa edita ke da ƙarfi, domin ɗalibi zai iya nuna ƙa'idar cikin ladabi, edita kuma yana da hurumin tuna wa marubuci alƙawarin da ya ɗauka. Inda babu ƙa'idar, edita ba shi da abin da ya wuce isar da saƙo. Akwai kuma ƙin da yake kan gaskiya. Idan jadawalin na marasa lafiya ne, ɗanyen bayanin yana iya tona asirin mutane, musamman a ƙaramin gari inda shekaru da sana'a da irin ciwo sun isa a gane mutum. A nan ɗalibi ya tsaya a mataki na biyu, ya nemi lambobin rukuni-rukuni, ya bar na ɗaiɗaikun mutane. Akan kuma samu marubucin da zai ce zai bayar idan za a sa sunansa cikin marubutan sabon aikin. Turo fayil kaɗai bai kai mutum ga wannan matsayi ba, ambaton maƙalarsa shi ne haƙƙinsa, amma wannan magana ce da ɗalibi zai kai wa malaminsa, kada ya yanke ta shi kaɗai.

Ko wahalar tana biya? Shahararren misali a nan shi ne na Thomas Herndon, ɗalibin digiri na uku a fannin tattalin arziki a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. An ba ajinsu aikin ɗaukar wata maƙala da aka buga su sake lissafinta, shi kuma ya zaɓi ta Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff ta 2010, wadda ta ce ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarsu yana faɗuwa ƙasa da sifili, zuwa -0.1 cikin ɗari. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun riƙa kafa hujja da wannan lamba wajen tsuke bakin aljihu. Herndon ya yi ta lissafi da alƙaluman da ke fili, ya kasa fito da ita. Matsalarsa ba ta hoto ba ce, kuma marubutan ya rubuta wa kai tsaye, amma buƙatar iri ɗaya ce: a nuna masa abin da ke bayan lambar da aka buga. A 2013 suka turo masa ainihin fayil ɗin Excel da suka yi aiki da shi. A ciki ya ga cewa umarnin fitar da matsakaici ya tsallake layuka biyar, wato Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmark. Ya kuma ga cewa shekara ɗaya ta New Zealand, 1951, an ba ta nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Da shi da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka sake lissafin, -0.1 ta koma 2.2. Reinhart da Rogoff sun amince da kuskuren layukan, sun yi jayayya a kan sauran, kuma gaskiya ne cewa tsallake layukan kaɗai bai kawo dukkan bambancin ba. Amma babu yadda za a yi a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a shafin da aka buga. Sai da fayil ɗin ya zo. Su ma da suka turo shi sun cancanci a faɗi alherinsu, ganin yawan waɗanda ke yin shiru.

Idan mako biyu ko uku suka wuce babu amsa, a tura gajeriyar tunatarwa sau ɗaya, a gwada wani daga cikin sauran marubutan, a nemi sabon adireshin mutum a maƙalarsa ta baya-bayan nan. Daga nan sai a koma kan hoton, a yi aikin da tsari. Mutum biyu su kwafe jadawalin kowa da kansa, ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, a sa na farko a ginshiƙin A na biyu a ginshiƙin B, sannan a sa wannan a ginshiƙin C a ja shi har ƙasa:

```
=IF(A2=B2,"","DUBA")
```

Duk inda kalmar ta bayyana, a koma kan hoton a faɗaɗa shi a duba tare. Lambar da ta ƙi karantuwa a bar gurbinta babu komai, kada a cike ta da zato. Idan ba a samu tabbacin SD ko SE ba, a yi lissafin sau biyu, ɗaya da kowanne, a ga ko sakamakon ƙarshe ya sauya, sannan a rubuta a cikin kundin cewa an kwafo waɗannan lambobi ne daga hoto, an nemi marubutan a rana kaza ba a samu amsa ba. Masu jarraba kundi ba sa riƙe ɗalibi da laifin shirun wani, amma suna riƙe shi da laifin ɓoye cewa ya yi zato.

Ga editocin mujallun jami'o'inmu kuwa, maganin wannan duka yana hannunku kuma ba ya cin ko kwabo. Duk rubutun da ya zo da jadawali a matsayin hoto, ku mayar wa mai shi ya kawo shi a rubuce, ya faɗi n, ya faɗi ko SD ce ko SE. Ku karɓi fayil ɗin alƙaluman tun ranar da kuka karɓi maƙalar, lokacin da marubuci ke neman yardarku kuma fayil ɗin na nan a kwamfutarsa, ku ɗora shi tare da ita.